Melatonin: in ƙara zuwa 10mg ko in haƙura?

Abban Hanif: Salam jama'a. Tun bayan azumi barci ba ya ɗaukata sai ƙarfe 3 na dare, ga aiki 7:30. Na sayi melatonin 5mg, ina sha wajen ƙarfe 2 in na gaji da juyi. Sati biyu shiru. Mai kemis ya ce in koma 10mg. Wa ya gwada?

Maman Ilham: Ka sha madara mai ɗumi, ka yi addu'o'in kwanciya.

Sani Direba: Kada ka soma! Ni 10mg ɗin na sha ƙarfe 2:30. Asuba ta wuce ni, na tashi kaina kamar an ɗora min dutse, na goge motar mutane a shataletale. Har yau ina biyan kuɗin fenti. Dubu 15 na sayi kwalbar, tana nan a ajiye.

Maman Ilham: Dubu 15? Ƙanwata dubu 7 ta saya.

Anti Binta: Abban Hanif, a asibiti nake aiki, ɓangaren magunguna. Matsalarka lokaci ce, ba yawa ba. Melatonin ba irin ƙwayar da ke kayar da mutum ba ce. Ƙwaƙwalwa ce ke fitar da shi in duhu ya yi, kamar awa 2 kafin barcin da ka saba, ya shaida wa jiki dare ya yi. Naka yanzu sai wajen ƙarfe 1 yake fitowa. In ka sha ƙarfe 2, ka zo da labarin da jiki ya riga ya ji. Sha awa 5 zuwa 6 kafin barcin da ka saba, wato wajen 9:30, shi ke jawo agogon barcin jiki baya. Kuma 0.5mg zuwa 1mg ya isa. Mai yawa yakan kwana a jini har safiya, ya kawo nauyin kai, yana ma iya tura agogon gaba. Abin da ya sami Malam Sani ke nan.

Sani Direba: Hajiya, ke a takarda kika gani, ni a jikina na ji. Guba ce kawai.

Ɗan Fagge: Gubar ce ta tuƙa motar? 😂

Usman K.: Gaskiyar Anti ce, da magariba kowa ya kamata ya sha.

Anti Binta: Ba kowa ba, Usman. Agogon mutum ake dubawa, ba na bango ba. In barcinsa ya dawo ƙarfe 2, sai shan ya dawo 8:30, a hankali. Ya fita hasken rana da safe, ya ajiye waya da dare, kuma ban da tuƙi bayan sha. Mai ciki, mai farfaɗiya, ko mai shan warfarin, maganin tsinka jini, ya ga likita tukuna.

Abban Hanif: Na gode Anti. To 5mg nake da shi, in gutsura?

Ɗan Fagge: Gutsura ko kar ka gutsura, janaretan maƙwabcina sai ƙarfe 1 yake mutuwa. Wace ƙwaya ce maganinsa?

Maman Ilham: Wallahi mu ma haka. Mun kai ƙara wajen mai unguwa sau biyu, ashe shi ma nasa kwana yake a kunne.