Sukwat ɗina ya cije a kilo 120: tsarin mataki-mataki zan bi ko DUP?

Dogo:
Salam 'yan'uwa. Shekarata biyu ina ɗaga ƙarfe, kwana uku a mako. Sukwat ɗina ya cije a kilo 120, ɗagi biyar, yau wata uku. Da na ɗora 122.5 sai in maƙale a ɗagi na uku. Wasu sun ce in koma tsarin mataki-mataki na mako 12, wato nauyi na hawa yawan ɗagi na sauka daga wata zuwa wata, wasu sun ce DUP, wato a riƙa sauya nauyi kowace rana. Ba gasa nake shiryawa ba, ƙarfi kawai nake so. Wanne zan ɗauka?

Na-Gaba:
Jikinka ne ya saba kawai. Ka bar sukwat wata guda, ka koma injin tura ƙafa da wasu atisayen daban.  Ai DUP ɗin ke nan, yau wannan atisaye gobe wancan.

Baban Hanif:
Na-Gaba, ba haka DUP yake ba. Ba a sauya atisaye. Sukwat ɗin ne dai ranar Litinin, Laraba da Juma'a, nauyin da yawan ɗagin ne ke sauyawa. Dogo, DUP za ka ɗauka ido rufe. Akwai binciken Rhea da abokan aikinsa na 2002, mako 12 aka yi, masu DUP sun ƙaru kusan ninki biyu na masu mataki-mataki. Maganar ta ƙare tun lokacin.

Tsohon Koci:
Baban Hanif, binciken gaskiya ne, amma maganar ba ta ƙare ba. Mutum 20 ne kacal a ciki, goma-goma, a benci da injin tura ƙafa aka auna su, kuma rukunin DUP sun fara ne da ƙarancin ƙarfi a kan ɗaya rukunin. Wanda ya fara daga ƙasa ya fi saurin hawa in da kaso cikin ɗari ake lissafi. Da Harries da abokansa suka tattara bincike da dama wuri guda a 2015, ba su ga bambancin a zo a gani tsakanin tsarin biyu ba. Wata tattarawar da Moesgaard ya jagoranta a 2022 ta ɗan karkata wajen tsarin sauya nauyi irin DUP, amma ga waɗanda suka riga suka daɗe suna ɗaga ƙarfe, kuma a ƙarfin ɗagi ɗaya kawai. A girman tsoka kunnen doki suka yi muddin yawan aikin ɗaya ne. Don haka ka samu rabin gaskiya, DUP na da ɗan rinjaye ga irin su Dogo, amma ba ninki biyu ba.

Dogo, kafin komai, abin da ya ƙare maka shi ne ƙara kilo biyu da rabi duk zuwa. Wannan na sababbin shiga ne, kuma kowa yana ƙare masa. Mutane na rikita shi da tsarin mataki-mataki saboda a Turance sunayensu na kama, alhali ba abu ɗaya ba ne. Dukkan tsarin biyun da kake tambaya mafita ce daga wancan.

Mu yi lissafi da lambarka. Lissafin Epley na ƙiyasta abin da za ka iya ɗagawa sau ɗaya tak:

```
1RM = 120 × (1 + 5/30) = 140
```

To 140 ne ma'auninmu. Ƙiyasi ne, yana iya kuskure da kilo biyar sama ko ƙasa, don haka kada ka riƙe shi kamar aya.

A mataki-mataki, mako huɗun farko za ka zauna wajen kilo 95 zuwa 102.5, saiti huɗu na ɗagi takwas. Mako na biyar zuwa na takwas ka hau 107.5 zuwa 115, ɗagi biyar-biyar. Na tara zuwa na sha ɗaya ka kai 120 zuwa 127.5, ɗagi uku sannan biyu, saitin ma ka rage. Mako na sha biyu ka sassauta, ka huta, ka gwada. Nauyi na hawa, yawan aiki na sauka. Asalin tunanin daga Leonid Matveyev ne na Tarayyar Sobiyat a shekarun 1960, kuma 'yan wasa masu ranar gasa a gaba ya duba. Shi ya sa tsarin ya fi daɗi idan akwai ranar da kake so ƙarfinka ya kai ƙololuwa.

A DUP kuwa matakan nan uku ake cusawa cikin mako guda. Litinin kilo 97.5, saiti huɗu na ɗagi takwas. Laraba kilo 105, saiti biyar na ɗagi uku, kowane ɗagi ka taso da sauri kamar an tsikare ka. Juma'a kilo 117.5, saiti huɗu na ɗagi uku. Mako mai zuwa ka ƙara 2.5 a Litinin da Juma'a, Laraba kuma ka bar ta sai bayan mako biyu. Duk mako na huɗu ko na biyar ka yanke saitin rabi.

Ni da kai ne, DUP zan bi, kuma ba don binciken ba. Ba ka da ranar gasa, kana sukwat sau uku a mako, kuma matsalarka a nauyi mai nauyi take. In ka shafe wata guda kana ɗagi takwas-takwas ba ka taɓa abin da ya wuce 102.5 ba, ranar da 120 ya dawo wuyanka zai zo maka kamar baƙo. Ɗaga nauyi babba gwaninta ce, yadda ake cika ciki da iska, yadda ake fita daga marikin ƙarfen da taku uku ba tangaɗi, kuma tana dushewa in an daɗe ba a yi ba.

Dogo:
Na gode ƙwarai Malam. Amma 105 sau uku ai wasa ne a wajena. Ba ɓata rana ba ne? Me zai hana in mai da Laraba 112.5 sau biyar?

Tsohon Koci:
Nan ne daidai inda DUP ke lalacewa a hannun mutane. Litinin za ta bar maka cinya da tsami, saboda ɗagi 32 ne. Laraba an sa ta ne don ka taɓa ƙarfen ba tare da ka ƙara gajiya ba, ka iso Juma'a da ƙarfinka. In ka mai da ita 112.5 sau biyar, kwana uku masu wuya ke nan a jere, wato ka koma gidan jiya, sunan kawai ka sauya. Ƙungiyar Zourdos ta gwada wannan jerin a 2016 da masu gasar ɗaga ƙarfe. Da aka sa ranar sauri a tsakiya, sun fi yin aiki mai yawa a ranar nauyi fiye da lokacin da ranar nauyi ta biyo bayan ranar yawan ɗagi kai tsaye.

Ga yadda za ka gane ko abin na tafiya. Ajiye wayarka a gefe, daidai tsayin gwiwa, ka ɗauki saitin farko na Juma'a kowane mako. In ɗagi na uku ya taso sumul, kana jin da sauran biyu a jikinka, ci gaba da ƙari. In ka ga ƙugu na riga ƙirji tashi, ƙarfen ya tsaya cak a rabin hanya kafin ya wuce, kuma hakan ya faru Juma'a biyu a jere, kada ka taɓa nauyin Juma'a tukuna. Litinin za ka duba, ka cire saiti ɗaya. Yawanci can ɓarnar take. In kuma 105 na Laraba ma ya fara yi maka nauyi, makon sassauci ya zo ko da kalanda ba ta ce ba.

Maman Biyu:
Bari in sa baki da nawa. Aikin dare nake yi, wani makon kwana uku nake samu, wani makon ɗaya. Na gwada mataki-mataki sau biyu, duka biyun a mako na bakwai suka watse, don in na rasa kwana goma ban san inda zan koma ba, baya ko gaba. Yanzu na cire sunayen ranaku gaba ɗaya. Ina da ta ɗaya, ta biyu, ta uku a littafina, duk ranar da na samu zuwa sai in yi wadda ke biye. Benci na ya tashi daga 45 zuwa 52.5 a haka, a hankali dai. Abin da ban so shi ne idan ranar nauyi ta faɗo washegarin aikin dare. Sai in musanya ta da mai sauƙi.

Alhaji Ƙarfe:
Ni kam ban yarda DUP na kowa ba ne. Na haura hamsin, na yi shi wata biyu, gwiwata da gwiwar hannuna suka ƙi. Nauyi babba duk mako bai karɓe ni ba. A mataki-mataki ina samun wata guda cur gaɓoɓina na hutawa da nauyi matsakaici, kuma na fi ganin ci gaba, don lamba ɗaya nake bi ba uku ba. Yaro, ka duba jikinka.

Tsohon Koci:
Ranka ya daɗe, gaskiyarka, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi na zaɓar mataki-mataki. Haka ma wanda sau ɗaya yake sukwat a mako, babu abin da zai sauya kullum. Wanda kuma tsokarsa ce ta yi kaɗan, wata guda ko biyu na ɗagi takwas zuwa goma zai fi yi masa amfani. Akwai ma tsaka-tsaki, wanda Charles Poliquin ya kawo a 1988: mako biyu na yawan ɗagi, mako biyu na nauyi, a yi ta juyawa. Wannan zai iya dacewa da gwiwarka, Alhaji. Masu gasa da yawa ma haɗa su suke yi, cikin mako suna sauyawa, amma daga wata zuwa wata duka ranakun na matsawa wajen nauyi: takwas, uku, uku a watan farko, sannan shida, biyu, biyu a na gaba.

Dogo, duk wanda ka ɗauka ka ba shi mako takwas aƙalla kafin ka yanke masa hukunci. A mako na uku 117.5 ya zama 122.5 sau uku, abin da kake maƙalewa a kai yanzu. Daga nan ƙarin zai rage gudu, wataƙila sai duk mako biyu, kuma hakan ba matsala ba ce.

Baban Hanif:
To na sauko daga ninki biyun. Amma har yanzu ina ganin in ya ƙara barci da abinci, ko wanne ya bi zai wuce 120.

Dogo:
Zan fara ranar Litinin in sha Allah, 97.5. Saura dedilif. Shi ma sau uku a mako zan yi, ko ya ya? Bayana na ƙasa tuni yake ƙorafi ranar da na haɗa su.

Maman Biyu:
Ni sau ɗaya nake yi, a ranar sukwat mai sauƙi.

Alhaji Ƙarfe:
In ya ja ƙarfe mai nauyi ranar Laraba, da wane bayan zai yi sukwat ɗin Juma'a? Koci, ina kake?