Neman kalma: `incremental` da `--full-refresh` wajen kwafar manyan tebura zuwa rumbun rahoto

Malamar Kwas: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan koyar da darasin kwafar bayanai daga rumbun aiki zuwa rumbun rahoto, kuma dole takardar ɗalibai ta tafi wurin bugawa gobe da yamma. Da dbt da PostgreSQL muke aiki. Kalma biyu suka tsaya mini: abin da ake rubutawa `materialized='incremental'`, da kishiyarsa, `dbt run --full-refresh`. A yanzu na sa "ɗebo kaɗan-kaɗan" da "ɗebo duka", amma raina bai kwanta da ta farko ba. Malamai, a taimaka.

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam Malama. Ai kaɗan-kaɗan ya yi. Tebur mai layi miliyan 200 ba ya ɗaukuwa tashi ɗaya, sai an yanka shi dubu hamsin-hamsin. Abin da kalmar ke nufi ke nan.

Injiniyan Rumbu: A'a ɗan'uwa, wannan wani abu ne daban, kuma ruɗanin da ka faɗa ciki shi ne dalilin da ya sa kaɗan-kaɗan ba za ta yi ba. Mai kwashe tebur gaba ɗaya ma yakan yanka shi gunduwa-gunduwa don kada ya cika ƙwaƙwalwar na'ura, amma a ƙarshe duk layukan ya ɗauka. Wanda Malama take tambaya ba ya taɓa yawancin teburin sam. Layukan da suka sauya tun ɗibar baya kaɗai yake nema.

A ce teburin `orders` yana da layi miliyan 200, kuma a wuni layi dubu 300 ne ake ƙarawa ko ake gyarawa. In hanyar tana wuce da layi dubu 20 a daƙiƙa, kwashe duka zai ci daƙiƙa dubu 10, wato awa biyu da minti 47, kowane dare, kuma duk tsawon lokacin rumbun aiki yana ɗauke da nauyin karatun. Layi dubu 300 kuwa daƙiƙa 15 ne, matuƙar akwai fihirisa a kan `updated_at`. In babu, rumbun zai bi layi miliyan 200 ɗin ɗaya bayan ɗaya yana duba lokacinsu, an rage jigila amma ba a rage karatu ba. Ina ba da shawarar "ɗebo canji" da "kwashe duka".

Mai Kishin Harshe: Canji ba Hausa ba ce, aro ce. Muna da sauyi. Ni kalmar da na daɗe ina kira a karɓa ita ce TATSA. Kullum da safe ana tatsar abin da ya taru tun jiya, ba a yanka saniyar. Tatsar bayanai. Gajeriya ce, tamu ce, ko tsohuwa a ruga za ta gane. Ɗayan kuma JUYE, kamar yadda ake juye buhu a rumbu.

Hajiya Mai Fassara: Malam, tatsar bayanai tana da mai ita. A labaran rediyo da jaridu in an ce an tatsi bayanan wani, leƙen asiri ake nufi ko masu kutse. Ɗalibin da ya rubuta wa shugabansa cewa kowane dare yana tatsar bayanan abokan ciniki zai sha tambayoyi. Juye ma akwai gyara: in ka juye buhu, buhun ya zama wayam. A nan kuwa teburin asali yana nan yadda yake, na can rumbun rahoto ne ake zubarwa a sake cikawa. Me zai hana "sabon lale"? Kowa ya san ma'anarta: a rushe wanda ke ƙasa a fara daga farko.

Mai Kishin Harshe: Sabon lale maganar 'yan karta ce Hajiya. A takardar makaranta? Kuma don 'yan jarida sun ɗaure tatsa a gindin leƙen asiri ba shi ke nuna ta zama tasu ba. Kalma ta girmi rediyo. Haka muka bari aka cika mana baki da kwafi da tebur alhali muna da juya da jadawali.

Injiniyan Rumbu: Ranka ya daɗe, ni ba jarida ce ta hana ni karɓar tatsa ba, aikin ne. Nonon da aka tatsa jiya ba ya komawa ya sauya, kuma ba ya ɓacewa daga ƙwarya. Layi kuwa yana yin duka biyun. Odar da aka shigar ranar Talata ana iya mayar da ita "an biya" ranar Alhamis, a goge ta ranar Asabar. Wanda ya riƙe hoton tatsa a kansa zai rubuta `WHERE id > ...` ya ɗauki sababbi kawai, rahotonsa ya ci gaba da nuna bashin da an riga an biya. Matsalar "ƙari" da "ciko" ke nan su ma, in wani na shirin kawo su. Dole kalmar ta ɗauki gyara, ba sabon shigowa kaɗai ba.

Ga yadda ɗibar take a aikace:

```sql
SELECT * FROM orders
WHERE updated_at >= :last_mark - interval '30 minutes';
```

Wannan minti 30 da aka koma baya shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa a aji. A PostgreSQL `now()` tana ba da lokacin da aka buɗe aiki da `BEGIN` ne, ba lokacin `COMMIT` ba. To a ce wani aiki ya buɗe da ƙarfe 1:58 na dare, ya gyara layi dubu 4, duk suka ɗauki 1:58, amma bai rufe ba sai 2:04. Ɗibarmu ta tashi 2:00 daidai. Ba za ta ga layukan nan ba, domin ba a tabbatar da su ba tukuna. Ta ga wasu da suka kai 1:59, ta ajiye 1:59 a matsayin inda ta tsaya. Gobe ta nemi abin da ya wuce 1:59, layukan 1:58 suna bayanta. Sun faɗi ke nan har abada, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya da zai fito. Shi ya sa ake komawa baya fiye da tsawon aikin da ya fi daɗewa a buɗe, kuma `xact_start` a cikin `pg_stat_activity` zai nuna wa mutum tsawon nasa. Komawa baya kuma tana nufin wasu layukan za su zo sau biyu, don haka ba a zuba su kai tsaye, sai da `INSERT ... ON CONFLICT (id) DO UPDATE`, ko `MERGE` ga wanda ke kan PostgreSQL 15 zuwa sama. A dbt wannan shi ne aikin `unique_key`.

Malamar Kwas: Na gode Injiniya, wannan misalin zai shiga takarda. Ga shi kuma ka haifar mini da kalma ta uku: `:last_mark` ɗin nan. Na ga wani ya rubuta "alamar ruwa".

Hajiya Mai Fassara: Kada ki ɗauka Malama, fassarar kalma da kalma ce, ba ta cewa komai a kunnen Bahaushe. Zango. Inda ayari ya sauka, daga nan gobe zai tashi. "A ajiye zango bayan an gama lodi, ba kafin ba."

Injiniyan Rumbu: Zango ta zauna, kuma jimlar Hajiya ita ce ƙa'idar. In aka matsar da zango tun lodin bai kammala ba sannan lodin ya mutu a tsakiya, an tsallake layukan daren gaba ɗaya.

Na Maraɗi: Ina goyon bayan zango. Roƙona ɗaya: kada a ce tunda an kasa daidaitawa a bar ta "inkirimental". Mu nan waɗanda suka yi boko da Faransanci suka yi. Kalmar da za ta yi aiki a Kano da Maraɗi duka sai ta fito daga Hausa. Sannan tambaya: wani tebur namu na rahoto kullum ya fi na asali yawan layi, bambancin yana ƙaruwa a hankali, alhali ana ɗebo canjin kowane dare ba fashi. Wannan ma laifin zango ne?

Ɗan Sabon Gari: Maimaici ne, ba ku sa `unique_key` ba. Amma gaskiya a ofis ba wanda zai ce zango. In ka je neman aiki ka ce "ɗebo canji" za a ɗauka ba ka iya ba ne. Turancin shi ne ke kan allo, shi ya kamata yara su riƙe.

Mai Kishin Harshe: Ga irinta nan. Kunyar harshenmu muke ji, shi ya sa shekara da shekaru ba mu da kalmar komai. Balarabe ya ce hasub bai ce kwamfuta ba, kuma ba a hana shi aiki ba.

Ɗan Sabon Gari: Ba kunya ba ce Malam, abinci ne. Kai ma da ka rubuta wannan, a kan me ka rubuta?

Injiniyan Rumbu: Mu koma kan tambayar Na Maraɗi. Yana iya zama maimaici, kuma gane shi ba wuya: a gwada `count(*)` da `count(DISTINCT id)` a teburin rahoto. In sun bambanta, Ɗan Sabon Gari ya yi daidai. In sun zo ɗaya amma har yanzu ya fi na asali, to gogewa ce. Layin da aka yi wa `DELETE` ba ya barin `updated_at` da za a tarar, don haka ɗibar ba ta da hanyar sanin ya tafi, sai ya ci gaba da zama a rahoto. Magani uku na sani. Ko manhajar ta daina gogewa ta riƙa cika `deleted_at`. Ko sau ɗaya a mako a ɗebo ginshiƙin `id` kaɗai daga asali, wanda ya fi ɗebo dukan teburin sauƙi nesa, a cire duk wanda babu shi. Ko a karanta canjin daga kundin WAL, inda PostgreSQL ke rubuta kowane canji, da manhaja irin su Debezium, wanda yake ganin gogewa. Na ukun yana da nasa haɗari: in mai karantawa ya tsaya, PostgreSQL zai ci gaba da riƙe masa WAL har faifai ya cika, sai dai in an sa `max_slot_wal_keep_size`.

Saboda haka ne ma ba a rabuwa da kwashe duka. Ƙaramin tebur mai layi dubu ɗari, kwashe shi kullum ya fi kwanciyar hankali. Babba ma akan sake shi lokaci-lokaci, musamman in an sauya lissafin wani ginshiƙi, ko an yi gyara da hannu wanda bai taɓa `updated_at` ba. Sai dai kada a yi `TRUNCATE` a kan teburin da mutane ke karantawa: ko su tsaya jiran kulle, ko su tarar da rabin tebur. A cika wani a gefe, a gwada ƙidaya, sannan a musanya suna.

Hajiya Mai Fassara: To ai wannan bayanin ya ba mu kalmar. Tunda ana zubar da tsohon a cika sabo, "sabon zubi". Ba karta a ciki, kuma ta faɗi abin da ke faruwa a rumbun rahoto, wanda "kwashe duka" ba ta faɗa ba.

Mai Kishin Harshe: Sabon zubi ba laifi. Amma in har ba za a karɓi tatsa ba, a ƙalla a ce sauyi. Kuma "ɗebo" ma ba ta rabu da aibin da kuka ɗora wa juye ba: abin da aka ɗiba ya ragu a inda aka ɗebo shi.

Hajiya Mai Fassara: Wannan gaskiya ne Malam, ban da amsarsa. Kwafo ce za ta warware, ita kuma ka ƙi ta.

Malamar Kwas: Lokaci ya ƙure mini. Na sa "ɗebo sauyi", "sabon zubi" da "zango", kowace da sunanta na kan allo a gefe saboda maganar Ɗan Sabon Gari, da layi ɗaya da ke cewa teburin asali ba ya raguwa. Gogewa na ba ta shafinta daban, tunda "sauyi" za ta sa ɗalibi ya zaci ta shiga ciki. Allah ya saka da alheri.

Mai Kishin Harshe: Amin. Ni dai a nawa rubutun tatsa zan ci gaba da sawa.

Na Maraɗi: Injiniya, na gwada. Ƙidayar biyu ɗaya suka fito, don haka gogewa ce. Kwatanta `id` ɗin nan, a rumbun asali ake yinsa ko sai an kawo su na rahoto?