Ikwal firikshan ko sitatik rigen: wanne ya dace da bututun VAV?

Nasiru: Assalamu alaikum manyanmu. Ina zanen bututun iska na wani benen ofisoshi a Birnin Kebbi, tsarin VAV ne, wato kowane reshe na da akwatin da ke ƙara ko rage iskar da ke shiga gwargwadon buƙata. Fanka na tura lita 4000 a daƙiƙa, babban bututu zagayayye mai tsawon mita 60, rassa huɗu, kowane mita 15 reshe ɗaya mai lita 1000. Maigidana ya ce in yi ikwal firikshan kawai, wai sitatik rigen a VAV ɓarnar kwano ce. Gaskiya ne?

Inj. Bello: Wa alaikumus salam. Ni ban yarda da maigidanka ba. Idan ka bi ikwal firikshan, wato ka bar asarar matsi ta zama ɗaya a kowace mita tun daga fanka har ƙarshe, akwatin farko zai sha matsi, na ƙarshe ya zauna da yunwa. Sitatik rigen kuwa, bayan kowane reshe kana rage gudun iska, gudun da ya ragu ya koma matsi, ya biya abin da bangon bututu zai ci a gaba. Kowane akwati sai ya ga matsi iri ɗaya, komai nauyin aiki.

Inj. Sa'adatu: Injiniya Bello, farkon maganarka daidai ne, amma “komai nauyin aiki” ɗin nan ina da ja a kai. Kafin nan, Nasiru, mu sa lissafi a bututunka mu ga girman abin da ake gardama a kansa.

Da ikwal firikshan a asarar matsi ta kusan faskal 1 kowace mita, za ka fara da milimita 750, iska na gudun mita 9 a daƙiƙa. Daga nan kusan 675, 575, ka ƙare a 450, inda gudu ya sauko wajen mita 6.3. Tsakanin reshen farko da na ƙarshe mita 45 ne, wato asarar faskal 45 ko ƙasa kaɗan. Abin da mutane ke mantawa shi ne nan ma gudu ya ragu, don haka wani matsi ya dawo ko ba ka nema ba. Ga yadda ake lissafa matsin da ke cikin gudu, Pv a faskal, daga gudun iska v a mita a daƙiƙa:

```
Pv = 0.6 × v²
```

Mita 9 ya ba da faskal 49, mita 6.3 ya ba da 24. Ka ɗauka kashi uku cikin huɗu na bambancin ya dawo, faskal 19 ke nan. Saboda haka ainihin ratar da ke tsakanin akwatin farko da na ƙarshe ba ta wuce faskal 25 zuwa 30 ba. Akwatin da ke da sensar auna iskarsa da damfarsa, wato murfin da ke tsuke hanyar iska, zai shanye wannan ba tare da kowa ya ji ƙara ba.

Da sitatik rigen, daga 750 ɗin za ka samu wajen 710, 640, 525. A sassan ukun nan kwano ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari, haka ma abin naɗe bututu, kuma sai an ƙara wuri a cikin silin. Duk don ka kawar da faskal 30.

Inj. Bello: Hajiya, faskal 30 ɗin ba kyauta ba ce. Fanka ce ke biyansa kullum, kuma a garin nan mun san rabin lokaci janareta ke ɗauke da gini.

Inj. Sa'adatu: Haka ne, mu auna shi. Iska mita kubik 4 a daƙiƙa sau faskal 30, wat 120 ne. Ka sa asarar fanka da motar da ke juya ta, ya kai wajen wat 200, kuma wannan sai lokacin da gini duka ke neman sanyi, kamar azahar ɗin watan Afrilu. Da iska ta ragu zuwa rabi, ratar ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kuɗi ne, ban musa ba, sai dai a ɗora shi a sikeli da kuɗin kwano.

Aminu: Ni a wani ɗakin taro da muka yi a Argungu, ikwal firikshan aka bi, ƙofofin iskar farko suna hura mutane kamar guguwa, na baya shiru. Mun sha wahala kafin mu daidaita. Don haka ina bayan Injiniya Bello.

Inj. Sa'adatu: Malam Aminu, akwai akwatunan VAV a wurin?

Aminu: A'a, kai tsaye daga bututu zuwa ƙofofin iska.

Inj. Sa'adatu: To nan kam kana da hujja, domin babu mai tare matsi sai damfar hannu. Na Nasiru daban ne.

Sai in koma kan jan da na ce ina da shi. Lissafin sitatik rigen a kan yanayi guda ake yinsa: kowane reshe na jan cikakkiyar iskarsa. Idan duk rassa suka ragu tare, daidaiton zai tsaya, tunda matsin da ke dawowa da wanda ake asara kusan tare suke sauka. Amma VAV ba ya aiki haka. Da hantsi ofisoshin gabas ke ja, da la'asar na yamma. Ka ɗauka reshen farko ya rufe saura kaɗan, na baya suna buɗe gaba ɗaya. Iska ta zo reshen farko ba ta sauke komai ba, lita 3000 ta fito daga 750 ta shiga 710, maimakon gudu ya ragu ƙaruwa ya yi. Babu matsin da ya dawo a wurin, asara ce zalla.

Malam Garba: Ranku ya daɗe, ni mai lanƙwasa kwano ne, bari in sa baki. Duk wannan matsin da kuke cewa zai dawo, a hannunmu yake. Idan zane ya ce 710 da 640, ba kowa zai tsaya yi maka su ba, za a kai su lambar da aka saba. Sannan mahaɗin da ke tsakanin babba da ƙarami, in bim ya tare hanya, gajere ake yankawa ya tsuke lokaci ɗaya. Wuyan reshe ma sau da yawa rami ake hudawa a liƙa bututu a miƙe, ba a yi masa baki mai gangara ba. Iska ta daki wannan ta yi juyi, me zai dawo? Ga gaɓoɓin da ba a shafe ba suna zubar da iska cikin silin.

Inj. Bello: Wannan laifin aiki ne, Malam Garba, ba na lissafi ba. Kuma Hajiya, ki yarda bututun Nasiru gajere ne, gudunsa kaɗan. Ki kai shi mita 150 a fara da gudun mita 15, faskal 135 ke cikin gudun kaɗai. Nan ikwal firikshan zai sa akwatunan kusa da fanka su shaƙe damfa suna feɗuwa a kan mutane.

Inj. Sa'adatu: A irin wannan zan zauna in yi lissafin rigen ɗin, ko aƙalla in sassauta girman rabin bututun na baya. Amma yawancin feɗuwar da na tarar a gine-gine daga saitin fanka take. Sai ka ga an kafa sensar matsi dab da fanka, ko an ɗaga saitin sama don ɗaki ɗaya ya yi ƙorafin zafi, alhali matatar iska ce ƙurar hunturu ta toshe. Nasiru, sa sensarka wajen kashi biyu cikin uku na tsawon bututu. Ranar gwaji ka buɗe akwatuna duka, ka auna matsi a reshen farko da na ƙarshe, sannan ka duba damfa a allo. Idan duk sun tsuke, rage saitin sannu a hankali har ɗaya ta kusa buɗewa gaba ɗaya. Idan ta ƙarshe ta buɗe duka tana neman ƙari, sauran a tsuke, to hanyar zuwa wurinta ce ta yi ƙunci.

Nasiru: To in bi ikwal firikshan, amma sashen ƙarshe in sa 500 maimakon 450?

Inj. Sa'adatu: Ni haka zan yi, musamman in sashen nan ne ke ciyar da ɓangaren yamma.

Inj. Bello: Ni sai na ga zanen. Turo mana shi da tsayin da ke tsakanin silin da bim, da mafi ƙarancin matsin da mai ƙera akwatin ya rubuta a takardarsa.