Taƙaitawa: Haruffa Masu Lanƙwasa da Kalmomin da Ake Nema

1. A tattaunawar da aka yi kan yadda za a rubuta Hausa a shafukan intanet don masu nema su same su, kusan kowa ya yarda cewa yawancin masu bincike a intanet da waya ba sa buga ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, saboda haka "kudi" suke rubutawa, ba "kuɗi" ba.

2. A nan ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce a daina sa lanƙwasa a kanun rubutu, wasu kuwa sun ƙi, domin "kafa" da "ƙafa" ma'anarsu daban ce. Mafi rinjaye sun zaɓi a kiyaye daidaitacciyar ƙa'ida a kanu da cikin rubutu, a sa haruffa marasa lanƙwasa a adireshin shafi kaɗai, kuma ni ma nan na karkata.

3. An kuma ce a fifita kalmar da ta zauna a bakin mutane, kamar "kwamfuta" a kan "na'ura mai ƙwaƙwalwa", bayan an gwada duka biyun a akwatin bincike.