Ya ce "ni na yi" a gaban manya, alhali ƙannensa ne suka yi aikin

Shugabar wata tawaga, Marwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙon ma'aikata. Ina jagorantar mutum biyar a wata ƙungiyar agaji. Bayan ambaliyar da ta afka wa yankin Yagwa a damunar 2024, an ba mu aikin ƙidayar gidajen da ruwa ya ci, sai na tura wata yarinya da wani saurayi, suka yi kwana 12 suna shiga ƙauyuka, wani wurin da babur wani wurin da kwalekwale, har suka tattara bayanan gidaje 640. Yarinyar ce ta lura cewa gidaje 71 sun shiga lissafi sau biyu, domin an rubuta maigida a ƙauyensu, an kuma rubuta matarsa a wurin da suka yi gudun hijira, kuma ita ta tsara yadda za a tace su.

Wanda ya rubuta rahoton abokin aikinmu ne da ya girme ni da kusan shekara goma, kuma ya fi mu duka iya Faransanci. Ranar da ya gabatar da shi a gaban darakta da baƙin da suka zo daga Yawunde, tun daga farko har ƙarshe cewa yake yi "na zagaya", "na gano", "na gyara", bai ambaci sunan kowa ba. Ina zaune a wurin, nauyinsa ya hana ni magana. Yarinyar ba ta ce mini komai ba, amma tun ranar ta daina kawo shawara a taro, kuma kwangilar yaran biyu da na tura za ta ƙare a watan gobe. Me ya kamata in yi?

Mai kula da na'urori, Garwa

Hajiya, wannan ai kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi, kuma maganinsa hujja. Idan da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox suka yi aikin, ki sauke bayanan ki duba `_submitted_by` da `_submission_time`, za ki ga wanda ya aiko da kowace takarda da lokacin da ya aiko. Rahoton kuma ki buɗe shi a Word ki duba `Auteur`. Ki haɗa duka ki aika wa darakta, ki sa kowa a kwafi. Na taɓa yin haka a wurin aikinmu, kuma tun daga ranar mutumin bai sake ba.

Tsohon shugaban sashe, Ngawundare

Ɗana na Garwa, ka yi daidai da ka ce a fara da tabbatar da abin da ya faru, amma hujjar da ka kawo ba ta kai inda kake zato ba. Idan duk tawagar da asusu ɗaya take aika bayanai, suna ɗaya za a gani a kan takardu 640 ɗin. `Auteur` kuwa sunan da aka saka wa manhajar yake nunawa, kuma a ofisoshinmu da mutum uku ke amfani da kwamfuta ɗaya ba ya tabbatar da komai. Ko da ya tabbatar, zai nuna cewa dattijon ne ya rubuta rahoton, wanda dama ba a musa ba. Abin da aka ƙwace wa yarinyar nan tunani ne, wato gano gidajen da aka maimaita, kuma babu na'urar da ta rubuta wannan. Shaidarsa ita ce ke da kanki, Hajiya, domin ke aka fara kawo wa maganar.

Na shekara 19 ina riƙe da ma'aikata, kuma na yi kuskuren da kika yi. Wani da ke ƙarƙashina ya gabatar da tsarin rabon man motoci da wani ƙaramin akawu ya ƙirƙiro, na yi shiru don kada in kunyata shi, ina ganin zan saka wa akawun ta wata hanya. Bayan wata huɗu aka ƙara wa mai gabatarwar girma saboda wannan tsarin, akawun kuma ya ajiye aiki ya tafi. Da aka buɗe sabon reshe aka ce a faɗaɗa tsarin, sai ga shi wanda aka yaba bai san yadda lissafin yake tafiya ba. Daga nan na gane cewa shirun shugaba a irin wannan wuri sa hannu ne, domin duk wanda ke zaune ya ɗauka ka amince da abin da aka faɗa.

Ga abin da na koma yi. Wuri mafi sauƙi na gyara shi ne cikin taron, kuma ba sai an ƙaryata kowa ba. Da zarar ya ce "na gano", sai ki ce: "Wannan ɓangaren wance ce ta zauna a kansa, bari ta bayyana mana yadda ta tace su." Kin mayar da haƙƙi ga mai shi, shi kuma bai ji an tozarta shi ba. Tun da wannan ya wuce ki, ki same shi ku biyu kawai, kada ki bari mako ya zagayo. Kada ki ce masa yana cin gumin yara, domin zai tsaya kare mutuncinsa ne, maganar aikin ta ɓace. Ki faɗa masa kalmar da ya furta da wurin da ya furta ta, sannan ki tambaye shi: "Yaya, a taron Talata ka ce kai ka gano gidaje 71 ɗin, ni kuma na san wance ce ta kawo mini su. Yaya aka yi haka?" Sai ki yi shiru ki saurara.

Amsarsa za ta nuna miki irin mutumin da kike tare da shi. Wanda bakinsa ne ya saba da "na" zai ji kunya, sau da yawa ma shi zai nemi yadda za a gyara. Wanda ya yi da gangan kuwa zai fara rage darajar aikin yaran, ya ce ai cike takardu kawai suka yi. Ko wanne ne, gyaran dole ya isa kunnen da ya ji maganar farko. Haƙurin da za a ba yarinyar a ɓoye ba zai sabunta mata kwangila ba, tun da darakta bai ji shi ba.

Ma'aikacin lissafi, Injamena

Ni ma abin da ke damuna ke nan. Shekara uku ke nan ina haɗa wa shugabana rahoton ƙarshen wata, shi yake sa hannu, shi ake kira a yaba masa, ban taɓa jin ya ambace ni ba. Idan na yi magana ina tsoron a ce na raina na gaba da ni, ga iyali a wuyana. Baba, ni ma in same shi mu biyu ɗin?

Tsohon shugaban sashe, Ngawundare

Ɗana, naka daban ne, domin Hajiya tana da iko a kan wanda ya yi laifin, kai kuwa shi ke da iko a kanka. Sa hannun shugaba a kan rahoton sashensa ba sata ba ne, shi za a kama idan lissafin ya karkace. Abin da za ka iya nema ba tare da rigima ba shi ne a ƙara layi a ƙasan takardar da ke nuna wanda ya shirya da wanda ya duba. Idan ya ƙi wannan, to ka san inda ka tsaya.

Ungozoma, Kusiri

Ina so in yi magana a madadin wanda ake zargi, domin na taɓa zama shi. A asibitin da na yi aiki a da, ni nake rubuta rahoton fita rigakafi saboda ni na yi karatu da Faransanci, abokan aikina kuwa su suke shiga gidaje suna shawo kan iyaye da Larabcin Shuwa da Kotoko. Wata rana na ji ana cewa ina cin guminsu. Wallahi abin ya yi mini ciwo, domin nakan kai ƙarfe ɗaya na dare ina daidaita alƙaluman da suka kawo a hargitse, kuma ba wanda ya taɓa ce mini in sa sunan kowa. Takardar da aka ba ni wurin suna ɗaya ne a kanta.

A wannan yankin namu haka abin yake yawan faruwa: masu jin Fulatanci da Masa da Musgum su ke shan rana, wanda ya iya harshen ofis shi manya suke gani. Don haka, Hajiya, idan kin zauna da shi ki fara da amincewa cewa rubutun ma aiki ne, kuma nasa ne. Sai dai ban yarda da Baba a kan kiran yarinyar ta yi bayani a tsakiyar taro ba tare da an shirya ta ba. Idan Faransancinta bai nuna ba, ga baƙi ga dattijon a zaune, za ta iya daburcewa, a tashi ana cewa ashe gaskiyarsa da ya yi magana a madadinta.

Shugabar wata tawaga, Marwa

Na gode muku duka. Na same shi ranar Alhamis bayan la'asar, da kowa ya watse, na yi masa tambayar kamar yadda Baba ya tsara, bayan na fara da yaba rubutunsa kamar yadda Yaya ta Kusiri ta ce. Ya daɗe yana juya makullin babur ɗinsa a hannu bai ce komai ba. Daga baya ya ce shi a saninsa mai gabatarwa bakin tawaga ne, kuma bai zaci wani zai ɗauki "na" ɗinsa da wata ma'ana ba. Amma ya ƙara da cewa yaran ai "tattarawa kawai" suka yi, wanda ya sa har yanzu ban san a wane ɓangare zan ajiye shi ba cikin biyun da Baba ya ambata.

Na ba shi zaɓi: ko shi ya aika wa darakta da baƙin saƙo mai nuna wanda ya yi kowane ɓangare, ko ni in aika ranar Litinin. Ya ce in aika. Na rubuta layi huɗu ba tare da zargin kowa ba: wance da wane sun tattara bayanan gidaje 640, wance ta gano kuma ta tace 71 da aka maimaita, Malam wane ya rubuta rahoton ya kuma gabatar. Na kuma saka wannan a takardar kimanta aikin yarinyar, domin ita za a duba wajen sabunta kwangila. Daga yanzu kowane rahoto zai fita da wannan jerin a shafin farko, kuma duk wanda zai yi bayani a taro zan sanar da shi kwana biyu kafin ranar.

Yarinyar na ba ta haƙuri a kan shirun da na yi, ta sunkuyar da kai ta ce ba komai. Shi kuwa yana gaishe ni, amma ya daina zama shan shayi da mu da safe, kuma rahoto na gaba da za mu miƙa a ƙarshen wata shi kaɗai ne zai iya rubuta shi yadda ake so. Baba, a naka gani, in bar shi ya huce da kansa, ko in sake samunsa kafin lokacin?