Kuɗin shekara sun shigo a Satumba, akanta ya ce ba namu ba ne tukuna

Mai manhajar makarantu, Mabera: Salamu alaikum. Mu biyu muke da ƙaramin kamfani, muna sayar wa makarantu masu zaman kansu manhajar fitar da sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta. Kowace makaranta tana biyan naira 240,000 na shekara gaba ɗaya in an koma zangon farko. Abokin aikina yana so mu raba riba a Disamba bisa abin da ya shigo banki. Akantan da munka ɗauka ya ce a kan makarantar da ta biya 1 ga Satumba, naira 80,000 kaɗai za a rubuta mun samu bana, sauran 160,000 bashi ne a kanmu. Bashin wa? Kuɗi na hannunmu, ba mu ranci kowa ba. Waɗanda sunka taɓa shiga wanga hali su faɗa muna yadda sunka yi.

Akanta daga Arkilla: Wa alaikumus salam. Ƙanena, akantanku ya yi daidai. Makarantar tana bin ku aikin wata takwas, shi ne bashin. Ta biya ne don manhaja ta riƙa buɗewa, bayanan ɗalibai su zauna lafiya, ku ɗauki waya in ta kira, daga Satumba har ƙarshen Agusta. Ranar 31 ga Disamba wata huɗu kawai kunka cika.

Ga yadda nake yi wa kamfanonin da nake riƙe wa littafi. Ranar da kuɗin sunka shigo, ina rubuta 240,000 a banki, ɗaya gefen kuma in kai su asusun kuɗin da anka karɓa ba a yi aikinsu ba. A manhajar lissafi sau da yawa za ka ga sunansa `Deferred Revenue`. Ƙarshen kowane wata in cire 20,000 daga nan in mai da su kuɗin shiga. Disamba asusun ya rage 160,000, ƙarshen Agusta ya koma sifili. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya mai suna IFRS 15, wadda ta fara aiki a 2018, haka ta tanada ga hidimar da abokin ciniki ke morewa a hankali.

Kuma ka duba naka littafin. In Satumba da Oktoba na nuna riba mai ban mamaki, sannan daga Fabrairu zuwa Agusta kullum asara alhali yawan makarantunku bai canza ba, to rubutun ne ya karkace. Albashi da kuɗin saba, wato kwamfutar da ke riƙe manhajarku a intanet, kowane wata suke fita, ku kuma kun tattara samun shekara a wata biyu.

Alhaji mai kayan kwamfuta: Ni ban yarda da wanga dogon lissafi ba. A takardar yarjejeniyata na rubuta ƙarara cewa in an biya ba a mayarwa. Tunda ba mai iya karɓe su, nawa ne tun ranar farko. Haka nake rubutawa kuma ba wanda ya taɓa tsayar da ni.

Akanta daga Arkilla: Alhaji, Allah shi ƙara girma. Sharaɗin naka ya hana mai saye ya ce ya fasa a ba shi kuɗinsa, amma bai sauke maka aikin ba. Tela da ya karɓi kuɗin ɗinki tun farkon azumi, ko ya ce ba ya mayarwa, kayan Sallah na wuyansa. Sai dai in tambaye ka: mi kake sayarwa?

Alhaji mai kayan kwamfuta: Manhajar lissafin kaya ce. Ina ɗora ta a kwamfutar mai shago, in ba shi lambar buɗewa, shi ke nan. Ko intanet ba ta bukata.

Akanta daga Arkilla: To a nan kana da gaskiya, amma ba don sharaɗin ba. Ka miƙa abin gaba ɗaya ranar da ka ɗora, babu sauran aiki, don haka rubuta shi lokaci guda ya halatta. In kuwa ka haɗa da alkawarin gyara da sabuntawa na shekara, wannan kason sai a ware shi a raba bisa watanni.

Hajiya mai kantin magani, Gawon Nama: Ni ma shekara-shekara nake biyan ta kantina, 120,000. Ashe ina iya cewa su bari in riƙa biyan 10,000 duk wata tunda ba nasu ba ne?

Maryama mai odita: A'a Hajiya, yadda za ki biya yana ga yarjejeniyarku, magana ake kan yadda su za su rubuta. Amma ke ma ya shafe ki ta ɗaya gefen: ki rubuta 120,000 a matsayin abin da kika biya gaba, ki riƙa ɗora 10,000 cikin kashe-kashen kowane wata.

Malam na Mabera, abubuwa biyu na gani a wurin aiki. Na farko haraji. In kamfaninku na cikin masu karɓar VAT, kashi 7.5 na 240,000 shi ne 18,000, makaranta za ta biya 258,000. Na tarar da wani kamfani ya raba 258,000 ɗin gida 12, yana rubuta 21,500 duk wata. Wannan 18,000 na hukuma ne, ba ya shiga rabon, kuma ba ya jiran watanni: in an karɓa a Satumba, kafin 21 ga Oktoba ya wuce ake miƙa shi.

Na biyu, ku buɗe jadawali a Excel, kowace makaranta da layinta. In B2 kuɗin ne ba tare da haraji ba, C2 ranar farawa, D2 ƙarshen watan da ake rufewa:

```
=B2/12*MIN(12,DATEDIF(C2,D2+1,"m"))
```

Wannan zai ba ku abin da kuka samu zuwa ranar. Ku cire shi daga B2, ku tara ragowar duk makarantun. Jimillar dole ta zo daidai da abin da ke asusun cikin littafi. In ta saɓa, ko an manta rubutun wani wata, ko wata makaranta ta sabunta ba a buɗe mata sabon layi ba.

Mai manhajar makarantu, Mabera: Na gwada, ya yi. Sai dai wata makaranta a Runjin Sambo ta fara 16 ga Satumba, ya ba ni 60,000.

Maryama mai odita: Cikakkun watanni yake ƙirgawa, ya watsar da rabin watan da bai cika ba. In kun bi kwanaki, daga 16 ga Satumba zuwa 31 ga Disamba kwana 107 ne cikin 365, wajen naira 70,356. Ku zaɓi hanya ɗaya ku tsaya a kai. Abin da ba na so in gani shi ne bana kwanaki, baɗi watanni, gwargwadon wanda ya fi kawo riba.

Mai manhajar makarantu, Mabera: Saura ɗaya. Muna karɓar 50,000 daban daga sabuwar makaranta, na shigar da sunayen ɗalibai da koya wa malamai.

Akanta daga Arkilla: Mako guda kuke gamawa ko? Ni sai in rubuta shi ranar da anka gama.

Maryama mai odita: Yaya, a nan mun rabu. Koyarwar na yarda, malamai sun amfana nan take. Amma shigar da sunaye cikin sabarku ba ta da amfani ga makaranta in babu manhajar, don haka ni zan bi ta da rabon watanni, har in duba ko makarantun kan sabunta shekara da shekaru.

Akanta daga Arkilla: In sunayen makaranta na iya sauke su ta tafi da su wani wuri fa? Malam, turo muna abin da takardar yarjejeniyarku ta ce kan 50,000 ɗin, ka rufe sunan makarantar.