Neman kalmar Hausa: nauyi, kaso ko ma'auni?

Malamin Agege: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koya wa matasan ajinmu rubuta ɗan shiri na kwamfuta da harshen Python wanda zai faɗa wa ɗalibi makin da yake buƙata a jarrabawar ƙarshe, kuma dole in buga takardar darasin kafin Juma'a. Abin da ya tsayar da ni shi ne kalmar da ke nuna yawan abin da kowane gwaji yake ɗauka daga cikin jimillar ɗari. Na ɗan riƙe "nauyi" tukuna:

```python
import math
maki = [55, 80]
nauyi = [20, 10]
buri = 70
samu = sum(m * n for m, n in zip(maki, nauyi)) / 100
saura = 100 - sum(nauyi)
print(math.ceil((buri - samu) * 100 / saura))
```

Ɗalibin ya ci 55 cikin ɗari a gwajin da ke ɗaukar 20, ya ci 80 a aikin gida mai ɗaukar 10, ya tara 19 ke nan. Yana buƙatar ƙarin 51 ya kai burinsa na 70, kuma tunda jarrabawa ce ke ɗaukar ragowar 70, shirin zai buga 73.

Ɗan kasuwa daga Mil 12: Malam, mu a nan nauyi na buhun albasa ne da abin da aka ɗora a sikeli. Me ya hana ka ce "kaso"? Kowa ya san kaso ashirin cikin ɗari.

Malama daga Yaba: Alhaji, kaso Hausa ce tsantsa, sai dai a wannan darasin ita ce za ta rikita yara, domin kaso biyu ne a gabansu: 55 ɗin da yaro ya ci kaso ne, 20 ɗin da gwajin ya ɗauka ma kaso ne. Na ga ɓarnar haɗa su a ajina, inda yarinya ta duba takardarta ta ga 11 cikin 20 da 8 cikin 10, ta shigar da `[11, 8]` a matsayin maki. Shirin bai yi ƙorafi ba, ya sake tankaɗe makin da an riga an tankaɗe, ya mayar da 19 ɗinta 3, ya ce tana buƙatar 96. Hanyar ganewa ita ce a buga `samu` a kwatanta da jimillar da ke kan takarda. Ni nauyi na zaɓa, tunda muna cewa magana ta yi nauyi ba tare da an auna ta ba.

Dattijo daga Idi-Araba: Nauyin nan fassarar Turanci ce kai tsaye, "maki" kuwa aro ne. Hausar Legas ta saba da kwashe-kwashe, shi ya sa a Kano da Zariya ake mana kallon waɗanda suka saki harshe. A ce "ma'auni".

Ɗan kasuwa daga Mil 12: Baba, da girmamawa, mutanen Kano ma maki suke cewa, kuma zamanmu a Ikko bai rage mana Hausa ba.

Ɗaliba daga Obalende: Malam, na gwada da nawa makin, ya buga 104. Shirin ne ya lalace?

Malamin Agege: Bai lalace ba, yana nufin ko kin cinye jarrabawar duka ba za ki kai burin ba, kuma zan ƙara sharaɗin da zai faɗi haka da Hausa idan amsa ta wuce 100. Baba, na gwada shawararka. Python yana karɓar ƙ da ɗ a sunaye, amma alamar da ke tsakiyar `ma'auni` yana ɗaukar ta farkon zance ne, sai ya tsaya da `SyntaxError`. Ban da haka, ma'auni abin da ake awo da shi ne, kamar mudu, alhali mu adadin muke nema.

Dattijo daga Idi-Araba: Ba na jin daɗin a ce na'ura ce za ta zaɓar mana kalma, amma hujjar mudu ta shige ni. Ka bar nauyi a cikin shirin, a takarda kuwa ka rubuta "nauyin gwaji" a cike, kada yaro ya tuna da sikeli. Batun maki ban janye ba.

Malama daga Yaba: Malam, kafin ka buga, ka tanadi amsa ga wanda nauyinsa ya cika 100, domin `saura` zai zama sifili shirin ya faɗi da `ZeroDivisionError`. Shi kansa "ɗan shiri" ɗin ma ban gamsu da shi ba, tunda shiri na rediyo ne a kunnen yawancinmu.

Malamin Agege: Na gyara na farkon. Na biyun zai tafi haka ranar Asabar, sai in ji abin da yaran za su kira shi.